Yadda Ake Tsara Yini a Landan Lokacin Hunturu Ba Tare da Salla Ta Kuɓuce Ba

Mu Kanawa mun saba da Azahar wajen ƙarfe biyu, La'asar ƙarfe huɗu, ladanin unguwa yana tuna mana. In ka sauka Landan a Disamba da wannan lissafin a kai, to ka yi asara. A ranar 21 ga watan, Azahar na shiga kusan 12:00, La'asar wajen 1:40, rana kuma ta faɗi kafin 4:00. Salloli uku ke nan cikin awa huɗu, daidai lokacin da kake tsakiyar hidima.

Abu na farko, mayar da agogonka baya da awa ɗaya, sannan ka duba manhajar salla da ke wayarka. Wajen La'asar ka zaɓi Standard, shi ne ya dace da mu Malikiyya. Masallatai da yawa a can lissafin Hanafi suke bi, don haka in ka ga sun jinkirta jam'i kada ka ɗauka kuskure ne. Alƙibla kuma kudu maso gabas take, wajen digiri 119.

Daga nan sai ka ɗora yininka a kan masallaci guda. A ce ɗan Kantin Kwari ne zai duba kaya a Commercial Road. Ya fita ƙarfe tara da alwalarsa, ya gama ciniki kafin sha biyu, ya taka zuwa East London Mosque da ke Whitechapel Road. Bayan Azahar kada ya yi nisa. Gidajen abincin halal ne jere a unguwar, sai ya ci abincin rana a nan, ya koma ya yi La'asar. Ni wannan dabarar na fi so, domin zama ɗaya ya ɗauke salla biyu da abinci. In yana da sayayya a Oxford Street, ya bar ta da 3:15, ya sauka tashar Baker Street, ya ƙarasa masallacin Regent's Park da ƙafa don Magariba.

Maganar nama, rubutun "halal" a jikin gilashi bai wadatar ba. Nemi takardar HMC ko HFA, ƙungiyoyin da ke tantance abincin halal a can, a bango, in babu ka tambaya. Alawa mai danƙo kuwa, juya bayanta: in ka ga gelatine, sinadarin danƙo da ake samu daga fata da ƙashin dabba, ba a faɗi asalinsa ba, ajiye ta. Kifi ma ka tambaya ko an kwaɓa fulawarsa da giya, ana yi.

Bandakinsu ba buta. Sa gorar ruwa ƙarama a jaka tare da darduma mai naɗewa. Batun ƙasaru kuma, a mazhabarmu niyyar zaman kwana huɗu cikakku tana yanke shi, don haka ka zauna da malaminka tun kana Kano, ka faɗa masa kwana nawa za ka yi.