Darasi: 'Yar Wasiƙar Bayanin Gajarta Taken Talla

Mai ba da shawara kan talla yakan gyara wa mai sana'a taken da ake rubutawa a jikin kayansa. Idan sabon taken ya fi tsohon gajarta, mai sana'a zai iya zaton an yi masa aikin ganin ido, tunda kuɗi ya biya aka dawo masa da kalmomi kaɗan. Saboda haka ba a aika take shi kaɗai, ana haɗa shi da 'yar wasiƙa wadda ba ta wuce rabin shafi ba.

Ga misali, zuwa ga wata mai sana'ar man gyaɗa:

Assalamu alaikum, Hajiya. Da fatan kina lafiya, ya kasuwa?

Tsohon takenki shi ne: "Muna sayar da man gyaɗa tsaftatacce, mai inganci, mai rahusa, wanda kowace uwargida ke alfahari da shi." Kalmomi 17 ke nan. Sabon kuwa kalmomi 5 ne: "Man gyaɗa zalla, babu algus."

Takardar da ake liƙa wa gorarki ƙarama ce. Kalmomi 17 ba sa shiga sai an ƙanƙanta haruffa, har mai saye ya kasa karantawa daga bakin shago. Na cire "mai inganci" domin kowane mai mai haka yake faɗa. Na cire "mai rahusa" domin duk ranar da gyaɗa ta yi tsada kika ƙara kuɗi, takardar da kika riga kika buga za ta ƙaryata ki. Abin da masu saye ke tsoro shi ne man da aka gauraya da wani, kuma kin tabbatar mini naki ba a gauraya shi. Shi ya sa na bar wannan kaɗai. Zancen tsafta bai ɓata ba, za mu sa shi a takardar da ake rabawa.

Kafin a kai wa mai buga takardu, ki karanta wa masu saye 5 duka biyun, bayan ɗan lokaci ki ce su maimaita. Wanda suka riƙe, shi za mu ɗauka.

Na gode, a huta lafiya.

A lura cewa an rubuta tsohon take da sabo kusa da juna, don Hajiya ta kwatanta da idonta. An faɗi dalilin gajarta taken da na cire "mai inganci" da "mai rahusa", kuma dalilin daga gora da kasuwa ya fito. Inda aka fi yin kuskure shi ne a rubuta "tsohon bai yi kyau ba". Sau da yawa mai sana'ar ce ta tsara shi da kanta, in ta ji an kushe shi sai ta ƙi sabon tun ba ta gwada ba.

Aikin yi: kwafo wani dogon take daga allon shago a unguwarku, mayar da shi kalmomi 6 ko ƙasa da haka, sannan rubuta wa mai shagon dalilai biyu.