Kurakuran da ke sa a wuce da fasinja a motar Kano zuwa Legas

Babbar motar da ke tashi daga Kano zuwa Legas ba ta shelar gari, mai sauka a hanya shi ke kula da kansa. Mu ɗauki wanda zai sauka a Zuba ya nemi motar shiga Abuja.

Da yawa suna faɗa wa mai yankan tikiti inda za su sauka, su ɗauka magana ta ƙare. Shi kuwa a tasha za a bar shi. Kwandasta ne naka, tun ana lodi ka gaya masa, ka sa ya ajiye jakarka a bakin but. In aka danne ta da buhunan 'yan Legas, direba zai ce ba ya sauke kaya a bakin titi, ya yi gaba da kai.

Sai faɗin sunan gari maimakon sunan wuri. Ka ce "Abuja", alhali motar ba ta shiga cikin birni, ta Zuba take bi ta miƙe Gwagwalada da Lokoja. "Mararraba" ma tana ruɗa mutane: akwai Mararrabar Jos kafin Kaduna, akwai ta Nasarawa a hanyar Keffi, wadda motar ba ta zuwa ko kusa.

Wanda ya fi cin mutane shi ne riƙe alamar wurin sauka ita kaɗai. Kafin ka gane wurin, ka miƙe, muryarka ta kai gaba, mota ta riga ta wuce. Jerin garuruwan da ake wucewa kafin a kai wurin za ka haddace. Bayan Kaduna akwai Rijana, Katari, Jere, Tafa, Sabon Wuse, mahaɗar Dikko, Madalla, sannan Zuba. Tafa ba ta ɓuya, tireloli da tankokin mai ne jere a gefen titi. Da ka gan su ka tattara kayanka, a Dikko ka matso kusa da ƙofa ka ce, "Kwandasta, akwai mai sauka a Zuba." Dutsen Zuma alama ce mai kyau da rana, amma da dare kana iya gifta shi ba ka sani ba.

Kada ka dogara da agogo. Shingayen jami'an tsaro, aikin titi da tsayawa sallah suna iya ƙara awanni. Taswirar waya tana taimakawa in ka sauke ta tun a gida, domin sabis yana yankewa a wasu wurare. In barci zai ɗauke ka, roƙi na kusa da kai ya tashe ka a Tafa, amma fara tambayarsa ko ya san hanyar.

In an riga an wuce da kai, kada ka matsa a sauke ka a daji cikin duhu. Ka bari sai Gwagwalada, inda akwai mutane da motocin komawa Zuba.