Yadda ake taƙaita huɗuba a bidiyo saboda wanda bai iya karatu ba

A ƙauyenmu da ke gefen fadamar Argungu, rabin waɗanda huɗubar Juma'a ta shafa ba sa jin ta. Mata suna gida, tsofaffi sun kasa tafiya, wasu kuma suna can sahun baya inda lasifika ba ta kaiwa sosai. Amma kusan kowane gida akwai waya, kuma abin da ya shiga memori yakan zaga gari kafin Asabar. Matsalar ita ce yawancin bidiyon wa'azi da ake yankowa cike suke da rubutu, ga sauri, sai ka ce don ɗalibin jami'a aka yi su. Zan nuna yadda nake haɗa nawa, da misalin wata huɗuba da limaminmu ya yi kan zakkar amfanin gona lokacin yankan shinkafa.

Mataki na farko, ka zauna da liman kafin ka taɓa waya. Ka nemi izininsa, sannan ka tambaye shi: "Allah gafarta Malam, in mutum zai manta komai a huɗubar nan, wane abu ne ba ka so ya manta?" Huɗubar ta kai kusan rabin awa, ta taɓo falalar zakka da azabar mai hana ta da waɗanda ake ba wa. Amma da na yi masa wannan tambaya, abu uku ya ba ni. Gonar da ruwan sama ko ambaliyar kogi ta shayar, ɗaya ake fitarwa cikin goma. Gonar da aka shayar da inji ko da wahalar jan ruwa, ɗaya cikin ashirin. Sannan ba a fitarwa sai amfanin ya kai nisabi, wato wasaƙi 5, wanda ya yi daidai da sa'i 300. Kada ka wuce uku. Mai karatu yana iya komawa baya ya duba layin da ya manta, wanda ke dogaro da kunne kuwa abin da kansa ya riƙe shi ne nasa.

Na biyu shi ne rubuta abin da za a faɗa, kuma a nan aikin yake. Ka ɗauka mai sauraron ya kife wayar a kan tabarma yana jin murya kawai. In saƙon bai fita a haka ba, hoto ba zai cece shi ba. Don haka babu "kamar yadda kuke gani a nan", babu "kashi goma cikin ɗari", babu "ushiri" sai an fassara shi nan take. Ka yi magana da ma'aunin da mutane ke awo da shi: buhu, kwano, dami. Ka kuma bar wanda harshensa na garin ne ya karanta, domin Hausar rediyo takan sa tsohuwar ƙauye ta ji kamar ba da ita ake ba.

Kowane hukunci sau uku nake faɗarsa, kuma wannan ba sabon abu ba ne. Ya zo a Bukhari daga Anas ɗan Malik cewa Manzon Allah (SAW) idan ya faɗi magana yakan maimaita ta sau uku don a fahimce ta. Sai dai maimaicin yana da tsari. Karo na farko ka faɗi hukuncin. Karo na biyu ka ƙirga shi da baki tare da hoton. Karo na uku ka yi tambaya, ka yi shiru, sannan ka ba da amsa. Ga yadda na rubuta na farko:

"Gonar da ruwan sama ya shayar, cikin buhu goma, ɗaya na zakka ne. Mu ƙirga tare. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida, bakwai, takwas, tara. Waɗannan naka ne. Na goma, na zakka ne. Gonar da ruwan sama ya shayar, cikin buhu goma, ɗaya na zakka ne. To in tambaye ku, gonar ruwan sama, cikin buhu nawa ake fitar da ɗaya?" Sai shiru. "Cikin buhu goma. Gonar da ruwan sama ya shayar, cikin buhu goma, ɗaya na zakka ne."

Ka lura jimlar ba ta canza ba ko da harafi ɗaya. Mu da muka yi makaranta muna jin kunyar maimaita kalma, sai mu ce "buhu goma" yanzu, anjima mu ce "ɗaya bisa goma" don magana ta yi ado. Ga mai sauraro, sabuwar kalma sabon hukunci ce, zai zaci abu biyu ka faɗa. Ka tuna yadda ake biya wa yaro allo: abu ɗaya, da murya ɗaya, har ya zauna.

Na uku, alamomi. A nan na taɓa yin kuskuren da ya koya mini aikin. A bidiyona na farko na zana buhu goma, na shafa wa ɗaya jan launi, na sa kibiya tana nuna shi. Na kai wa gwaggona ta kalla. Da ya ƙare na ce, "Gwaggo, me kika gani?" Ta ce, "Wancan jan buhun shi ne ruwa ya taɓa ya lalace, ko?" Kibiyar kuwa ba ta ma kula da ita ba. A ranar na gane cewa kibiya, da alamar daidai da malami ke sa wa a littafi, da gicciyen kuskure, da alamar kashi cikin ɗari, duk karatu ne, a aji muka koye su.

Abin da ya yi aiki shi ne hoton abu na gaske da motsi na gaske. Na je wurin masussuka, na jera buhunan shanshera goma a layi biyu, biyar-biyar, na ɗauki hoto. Sannan muka janye ɗaya gefe da tazarar kamar taku uku, na sake ɗauka daga inda nake tsaye ban gusa ba. In aka jera hotunan biyu, mai kallo yana ganin buhun ya fita daga cikin 'yan uwansa, kuma duk wanda ya taɓa fitar da zakka ko biyan ɗan ƙwadago da hatsi ya san ma'anar ware buhu. Na ashirin ma haka, layi huɗu biyar-biyar. In ba ka da buhu ashirin, kwano ashirin cike da shinkafa a kan tabarma ya isa, amma to ka canza maganar ta koma kwano, kada ido ya ga kwano kunne ya ji buhu.

Don bambanta gonakin biyu na ɗauki hoton hadari ya haɗo a kan fadama, da hoton injin ban ruwa da tiyo yana zuba. Kowace alama sai murya ta gabatar da ita sau ɗaya a farko: "Duk inda kuka ga hadarin nan, gonar damina ake nufi, har da wadda kogi ya cika ya shayar da kansa." Daga nan hoton ba ya canzawa, kuma ba ya barin kusurwar da aka sa shi. Ban sa fuskar kowa ba. Hannu da buhu sun wadatar, ba kuma wanda zai tsaya gardamar hoto ko tambayar ɗan gidan wane ne wannan.

Nisabi shi ne mafi wuyar nunawa, domin sa'i 300 ba ya shiga fuskar waya, kuma buhu ya bambanta da buhu. Kada ka yanke adadin buhuna da kanka, liman ne zai auna da ma'aunin garin ya faɗa maka. Amma kada ka tsallake shi don yana da wuya, in ba haka ba mai buhu biyu zai zaci zakka ta hau kansa. Ni hoto biyu na sa, ɗan ƙaramin tsibi da babban tsibi, murya tana cewa ƙaramin babu zakka a kansa. Gonar da aka haɗa mata ruwan sama da inji kuwa, ban saka hukuncinta ba. Na dai ce wanda gonarsa take haka ya je wurin Malam.

Na huɗu, ɗaukar murya. Ka yi shi da dare ko bayan Asuba, a ɗaki mai katifa da labule, fanka a kashe, waya kamar taƙi ɗaya daga baki. Ka karanta kamar kana yi wa kakarka bayani a zaure. Bayan kowace jimla ka ƙirga ɗaya, biyu a zuciya, bayan tambaya kuma ka kai biyar, domin mai sauraro ya samu ya amsa da bakinsa. Rubutuna bai kai kalma 300 ba, amma ya ci kusan minti huɗu. Kada ka karanta da sauri da niyyar rage gudun a manhaja da maɓallin Speed, murya takan ja ta yi nauyi, in kuma akwai aya a ciki sai maddi da gunna su lalace. Aya ɗaya na sa, ta 141 a Suratul An'am, inda aka ce a ba da haƙƙinsa ranar girbinsa, kuma muryar liman na yanko daga huɗubar, domin mutane su san maganar daga wurinsa ta fito.

Na biyar, haɗawa. CapCut ko InShot a wayar hannu sun isa. Ka fara sa murya, sannan ka ja kowane hoto ya yi tsawon maganarsa, domin manhajar takan ba hoto 'yan daƙiƙu kaɗan ne da kanta. A wurina babu hoton da ke kasa daƙiƙa 8. Hoto ya riga maganarsa fitowa da kamar daƙiƙa ɗaya, ido ya zauna kafin kunne ya karɓa. Babu kiɗa, babu juye-juyen hoto, babu rubutu mai gudu a ƙasa. Wajen Export ka zaɓi 480p, don ya yi sauƙin turawa ta WhatsApp da Xender, ya kuma samu wuri a memorin da mai caji zai zuba wa mutane. Ka gwada shi a ƙaramar waya mai madanni, domin buhu ashirin da suka fito sarai a taka wayar suna iya zama ɗigo-ɗigo a ƙaramar. In haka ta faru, ka sake ɗaukar hoton daga kusa.

Kafin ka saki, ka kai wa mutum biyu ko uku da ba su ji huɗubar ba kuma ba sa karatun boko. Kada ka ce "kin gane?", domin kunya za ta sa a ce maka an gane. Ka kawo lissafin da babu shi a bidiyon. Na ce wa gwaggo, "In Baba ya samu buhu arba'in a noman rani da inji, nawa zai fitar?" Ta ƙirga da yatsu ta ce biyu. Maƙwabcinmu kuwa ya ce huɗu, da na bincika sai na ga hoton injin ya wuce da wuri, hankalinsa yana kan hadari har lokacin. Na ƙara wa injin daƙiƙa biyar, na sa shiru tsakanin gonakin biyu, na ƙara jimlar "mun gama da gonar damina, yanzu gonar inji". Bayan gyaran na mayar wa liman ya saurara daga farko har ƙarshe, sai da ya ce a tura sannan na kai wa mai caji na bakin kasuwa.