Babi na 6: Littafin Kaya da Ranar Ƙidaya

Darasi na 1: Hanyar jiran ƙarshen wata

Ku ɗauko littafi da biro. Misalinmu a wannan babi shagon tireda ne, kuma kaya iri ɗaya kawai za mu bi, wato katan ɗin taliya. Mun ɗauka kowane katan an saro shi naira 10,000. Farashin misali ne, don lissafi ya zo da sauƙi.

Yawancinku wannan hanyar kuke bi, ko da ba ku san sunanta ba. Ana ce mata ƙidayar lokaci-lokaci. Kana ajiye rasidin duk abin da ka saro, amma ba ka rubuta kayan da suke fita ɗaya bayan ɗaya. Sai ƙarshen wata ka rufe shago ka ƙirga abin da ya rage.

Ranar 1 ga wata akwai katan 12 a shago. Ranar 5 aka saro 30 daga Kasuwar Singa, ranar 18 aka ƙaro 20. Ku haɗa 12 da 30 da 20, za ku samu 62. Wannan shi ne duk abin da ya zauna a shagon cikin watan. Ranar 30 aka ƙirga, aka tarar da 9. Ku cire 9 daga 62, saura 53. Ke nan katan 53 ne suka fita, kuɗin sarinsu naira 530,000. Wannan 9 kuma ita za ku rubuta a matsayin kayan farkon wata mai kamawa.

Ku lura da kyau, na ce sun fita, ban ce an sayar da su ba. A wannan hanya ƙidayar ce take ba ka lambar, babu wata lamba a gefe da za ka gwada ta da ita. Wanda aka sayar, da wanda ɓera ya ɓata, da wanda aka kai gida, duk suna cikin 53 ɗin nan a cakuɗe.

Darasi na 2: Hanyar rubutawa nan take

Hanya ta biyu ita ce lissafin kullum. Kowane irin kaya yana da shafinsa. A saman shafi ku rubuta sunan kayan, sannan ku ja layi huɗu daga sama zuwa ƙasa, shafin ya rabu gida biyar. Gidan farko na kwanan wata ne, na biyu na bayani, na uku "ya shigo", na huɗu "ya fita", na biyar "saura". Daga hagu ake farawa, ba kamar ajami ba.

A layin farko ku rubuta 1 ga wata, bayani "kayan farko", saura 12. Ranar 2 aka sayar da katan 3. Ku sa 3 a gidan "ya fita", ku cire ta daga 12, ku rubuta 9 a gidan "saura". Ranar 5 kaya suka iso, bayan kun ƙirga su da hannunku ku sa 30 a gidan "ya shigo", saura ta zama 39. Duk lokacin da ka buɗe shafin, lambar ƙarshe a gidan "saura" ita ce abin da ya kamata ya kasance a shago.

Wanda hannunsa bai saba da biro ba kada ya damu. Lamba karkatacciya ma lamba ce, in dai tana gidanta.

Darasi na 3: Rubuta kafin kaya su bar shago

A nan ɗalibai suka fi tuntuɓe, saboda haka za mu daɗe a kai. Ka rubuta kafin kayan su ƙetare ƙofa. Mai saye yana tsaye, katan yana kan tebur, ka rubuta, sannan ka miƙa masa.

Maƙwabci ya karɓi katan bashi, zai biya ranar Juma'a. Ba kuɗi a hannu, amma katan ya fita ko bai fita ba? Ya fita. Ka rubuta 1 a gidan "ya fita", bayani "bashi". Uwargida ta aiko yaro a ba da katan na girkin gida. Ya fita, ka rubuta, bayani "gida". Ruwan sama ya jiƙa katan ɗin da ke ƙasa har ya lalace. Shi ma ya fita daga kayan sayarwa, ka rubuta. Littafin nan ba na kuɗi ba ne, na kaya ne.

Wani dattijo a ajinmu ya ce mini, "Malam, ai ina riƙe da su a kaina, da dare sai in zauna in rubuta." Na ce masa, "Baba, katan nawa suka fita shekaranjiya bayan la'asar?" Ya yi ta lissafi da yatsu, ya ce biyu ne ko uku. To wannan "ko" ɗin ita ce take lalata shafi. Kuskuren katan ɗaya a ranar 2 zai bi kowace saura har ƙarshen wata.

Na faɗi wannan a aji ya fi a ƙirga, amma har yanzu ana kawo mini littafi da kwana huɗu babu ko ɗigo, sannan a cike su rana ɗaya da biro ɗaya. Ina ganewa. Wannan ba lissafin kullum ba ne, kuma ba ni kuke cuta ba. In cinikin ya yi yawa, ku sa yaron shago ya riƙe biron. Amma a rubuta kafin kaya su fita.

Darasi na 4: Ƙidaya a hanya ta biyu

Mai lissafin kullum ma yana ƙirga kaya, sai dai shi don ya gwada littafinsa ne. A rufe littafin tukuna, a dakatar da ciniki, a ƙirga, sannan a buɗe. In ka fara duba littafi, idonka zai nemo maka lambar da ka gani.

A shagonmu littafi ya nuna 62 sun zauna, 50 sun fita, saura 12. Ƙidaya ta ba da 9. Katan 3 ba sa nan, naira 30,000 ke nan, waɗanda a Darasi na 1 suka ɓuya cikin 53. Kada ka fara da zargin yaron shago. Ka sake ƙirgawa, ka duba haɗi da ragi, ka duba rasidi ko kayan sun iso a cike, ka tuna bashi. Abin da ka gano ka ba shi layinsa. Wanda ba ka gano ba, sai ka rubuta "ya ɓace" a gidan bayani, saura ta koma 9. Kada ka goge tsohuwar lamba.

Darasi na 5: Wacce za ka bi?

Buhu da katan da kaya masu tsada, a bi su da lissafin kullum. Alewa da ashana da magi, ƙidayar ƙarshen wata ta ishe su. Shago ɗaya yana iya bin duka biyun.

Darasi na 6: Aikin gida

Ku zaɓi kaya iri ɗaya, ku bi shi kwana 7, ku ƙirga a rana ta bakwai. Ku zo da littafin.