Kurakuran ajiye maganin sauro, kyandir da fitila a ɗakin kwana

Maganin sauro na kunnawa, wanda muke kira igiyar leƙo, yana ci ne a hankali har kusan awa 7 zuwa 8. Ma'ana wanda ya kunna shi bayan sallar isha, garwashin nan zai kai shi har asuba, kuma a duk tsawon lokacin babu idon da ke kallonsa. Nan matsalar take. Mutane suna raina shi saboda ba ya harshen wuta, ɗan ja ne kawai a bakinsa kamar kan sigari. Amma zafin ɗan jan nan ya isa ya huda soso, ya kama auduga, ya narkar da leda.

Kuskuren da na fi gani shi ne na mazauni. Kowane kwali yana zuwa da ɗan ƙarfen da ake soka maganin a kai, amma kwana biyu ya ɓace, sai a koma dabara. Wani ya maƙala shi a bakin kwalba, wani ya ɗora shi a kan kwalinsa, wani ya rataya shi a ƙusa ko a ƙafar gado. Ko ƙarfen yana nan ma, sai a dasa shi kai tsaye a kan ledar ɗaki ko darduma. Abin da ake mantawa shi ne, maganin yana zuwa biyu a haɗe, kuma wajen raba su yakan tsage ba a lura ba. Idan wuta ta iso daidai tsagin, guntun sai ya karye ya faɗo da garwashinsa. Abin da ya faɗa a kai shi zai yanke hukunci.

Gyaran ba ya cin kuɗi. A samo tire na ƙarfe ko tsohon murfin tukunya wanda ya fi maganin faɗi sosai, a zuba yashi kaurin yatsa biyu, a kafa ƙarfen a tsakiya. Duk abin da ya karye, a yashi zai mutu. Faranti na roba ba ya cikin lissafi. Idan maganin ya riga ya kakkarye, kada a jera guntayen a ƙasa a kunna. A zubar.

Sai wurin ajiyewa. Mu ɗauki ɗaki guda irin na gidan haya: katifar soso a ƙasa, gidan sauro a ɗaure da ƙusoshi, labule a taga, ledar ɗaki, kayan sawa a buhu a kusurwa. Uwa tana son hayaƙin ya kori sauro daga jikin yara, sai ta matso da maganin dab da katifa, tazarar tafin hannu. Da ƙarfe 2 na dare yaro ya juya, ya turo gefen zanin gado ko bakin gidan sauron ya sauka a kan garwashin. Zanin auduga ba ya tashi nan take, yana cin ciki ne shiru, yana hayaƙi, har ya isa soson. Daga nan labari ya canza. Soso yana narkewa yana ci kamar mai, yana fitar da baƙin hayaƙi mai guba, shi kuma gidan sauro na roba ne, yana narkewa yana ɗiga a jikin wanda ke ciki. Mai barci kuwa wari ba lallai ya tashe shi ba; hayaƙin ma ƙara masa nauyin jiki yake yi. Shi ya sa a gobarar ɗakin kwana sau da yawa hayaƙi ke kashe mutum kafin wuta ta taɓa shi.

A irin wannan ɗakin, wurin maganin shi ne kusa da ƙofa, a kan siminti tsirara, da tazarar aƙalla mita 1 daga katifa, labule da kaya. Idan ɗakin bai da wannan filin, to bai da wurin da magani zai kwana a kunne. Ni shawarata, a kunna shi da magariba na awa 1 ko 2 kafin a shiga kwanciya, a karya bakin da ke ci a tura shi cikin yashi, a buɗe taga iska ta ɗan shiga, sannan a soke gidan sauro a ƙarƙashin katifa. Ƙarƙashin gado kuwa, inda wasu ke tura shi don kada yara su taka, shi ne wuri mafi muni, domin zafin yana tashi kai tsaye zuwa katifa.

Kyandir nasa kuskuren sananne ne: a ɗiga narkakken kakinsa a manna shi a kan talabijin, kujerar roba, akwati ko bakin taga. Yana cinyewa har ƙasa, lagwanin ya kwanta a cikin kakin, wutar ta koma kan abin da aka manna shi. A sa shi a gwangwani ko kofin ƙarfe mai yashi, nesa da labule, kuma kada a sa shi ƙarƙashin kanta ko kayan da aka rataya, don zafinsa sama yake nufa. Akwai kuma wani abu da ba a cika tunawa ba. An ɗauke wuta, an kunna kyandir, an bar fanka a kunne, barci ya ɗauke kowa. Tsakar dare aka kawo wuta, fanka ta tashi, ta kaɗa labule ko takarda zuwa kan harshen. Duk lokacin da za a kunna kyandir, a fara kashe makunnin fanka. Kuma kyandir ba ya kwana. Wanda ke son haske don shayar da jariri ko tashi fitsari, tocila ko fitila mai caji ita ce tasa.

Fitilar ƙwai ta fi aci-balbal aminci saboda harshenta a rufe yake, ita kuwa aci-balbal gwangwani ce buɗaɗɗiya, da ta kife kananzir zai malala da wutarsa. Amma ko fitilar ƙwai ce, kada a ƙara mata kananzir tana ci ko tana da zafi. A kashe, a bari ta huce, a fita da ita tsakar gida a zuba, a goge abin da ya zube a jikinta. A kula da kananzir ɗin da ake saye a kwalba: idan an gauraya shi da fetur, tururinsa kaɗai ya isa ya kama wuta ya fasa fitilar. Alamarsa warin fetur, da saurin bushewa idan an ɗiga shi a takarda. Kada kuma a sayo kananzir a jarkar da aka taɓa zuba fetur.

Idan kananzir ya kama a ƙasa, kada a watsa ruwa, domin man yana hawa kan ruwan ya bazu. Yashi ake zubawa, ko a rufe da jiƙaƙƙen bargo. In kuwa katifa ta riga ta tashi, lokacin kashewa ya wuce: a kwashi yara a fita a duƙe, a ja ƙofa a rufe, a yi ihu maƙwabta su ji, a kira 112 a Najeriya ko 18 a Nijar.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi ci mini rai, shi ne kulle yara a ɗaki da magani ko fitila a kunne, a ce za a leƙa maƙwabta ko shago a dawo yanzu. Tagoginmu duk da ƙarfe a jiki, ƙofar nan ita kaɗai ce mafita. Musamman da hunturu, lokacin da komai ya bushe kuma an toshe kowace kafa saboda sanyi, mai fita ya kashe duk abin da ke ci kafin ya taka bakin ƙofa, makulli kuma ya kwana a wuri guda da kowa a ɗakin zai iya laluba cikin duhu.