Yadda ake kwatanta FCFS, SSTF da SCAN a kan layin buƙatu

FCFS, SSTF da SCAN hanyoyi ne na tsara buƙatun karanta faifan kwamfuta, ana kwatanta su da jimillar tazarar da kan karatu ya yi. Ɗalibai sun sha tambayata wannan lissafi, ga matakansa.

Faifan yana da silinda, wato zagayen da ake ajiye bayanai a kansu, daga 0 zuwa 199. Kan karatu, wato ɓangaren da ke tafiya yana karanta faifan, yana kan 50. Layin buƙatu: 82, 170, 43, 140, 24.

1. Ja layi, ka jera lambobin daga ƙarama zuwa babba.
2. Yi alama a 50.
3. Don FCFS, bi buƙatun yadda suka iso: 32+88+127+97+116 = 460.
4. Don SSTF, je wa mafi kusa kowane lokaci: 43, 24, 82, 140, 170.

Hattara: auna tazara daga inda kan yake yanzu, ba daga 50 ba.

5. Tara tazarar: 7+19+58+58+30 = 172.
6. Don SCAN, mai tafiya kamar lif, hau sama har 199: 149.

A nan ake yawan kuskure. Idan ka juyo daga 170, wata hanyar daban mai suna LOOK ka bi, jimillarsa 266.

7. Sauko zuwa 24: 175. Jimilla 324.
8. Kwatanta jimillolin uku.

SSTF ya fi gajarta hanya, amma idan sabbin buƙatu suka yi ta zuwa kusa da 50, ta 170 za ta yi ta jira. Shi ya sa na fi amincewa da SCAN in layi ya cika.