Yadda ake ceto saƙon muryar da ya ƙi buɗuwa

Kwanakin baya ƙanwata ta turo mini saƙon muryar gwaggonmu, Allah ya jiƙanta, wanda ta kwaso daga tsohon memori. Kowace manhaja ta gwada sai ta ƙi kunna shi, ga shi kuma ba mu da wata muryarta sai wannan. Ashe muryar na nan lafiya lau, kan fayil ɗin ne ya sami matsala.

Yawancin fayilolin sauti suna farawa da 'yan bayit, wato ƙananan lambobin da fayil ya ƙunsa, da ke gaya wa manhaja irin abin da ke ciki. Sunan da ke ƙarshe, irin su .mp3, lakabi ne kawai, kowa na iya canza shi. Idan lakabi ya saɓa da abin da ke ciki, ko farkon ya goge, sai manhaja ta ce fayil ya lalace.

Kafin komai, yi kwafi ka ajiye na asali a gefe. Kada ka taɓa shi ko kaɗan. Sannan duba girmansa: idan sifili ne, babu abin cetowa.

Gwada shi a manhajar kunna sauti da bidiyo ta VLC tukuna, domin tana duba cikin fayil, ba ta dogara ga suna kaɗai. Idan ya yi magana a can, lakabi ne matsalarka. Buɗe kwafin a kwamfuta da HxD, manhajar da ke nuna bayit ɗin fayil, ka kalli layin farko ta ɓangaren dama. Idan ka ga OggS, saƙon murya ne irin na WhatsApp, sai ka mayar da ƙarshen sunan .opus ko .ogg. ID3 alamar .mp3 ce, #!AMR na .amr ne, RIFF tare da WAVE na .wav ne. Idan kuwa ftyp ya fito bayan bayit huɗu na farko, sa .m4a. Sau da yawa a nan aikin yake ƙarewa, musamman idan wani ne ya canza sunan da hannu yana zaton ya juya shi ke nan.

Namu bai zo da wannan sauƙin ba. Sunansa ya fara da PTT, ya ƙare da .opus, komai daidai, amma bayit goma sha shida na farko duk sifili ne. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne kalmar OpusHead da na hango daga ƙarshen layi na biyu zuwa farkon na uku, kuma da na nemi OggS da Ctrl+F sai na same ta tana maimaituwa har ƙasa. Irin wannan fayil shafi-shafi ake jera shi, kowane shafi da OggS yake farawa. Shafin farko ne kawai ya ji rauni.

Bayit 14 na farko iri ɗaya ne a duk lafiyayyen fayil irin wannan, don haka na ɗora alama a kan bayit na farko a ɓangaren lambobi, ba na dama ba, na rubuta su a bisa sifilan:

```
4F 67 67 53 00 02 00 00 00 00 00 00 00 00
```

A kai ake rubutawa, ba a cusawa a tsakani. Idan tsawon fayil ya ƙaru ko da bayit ɗaya ne, komai ya goce, sai ka sake ɗauko sabon kwafi.

Bayit huɗu da ke biye lambar shaidar fayil ce, ta bambanta daga saƙo zuwa saƙo, shi ya sa kwafo kan wani saƙon ka liƙa ba ya yin aiki. Amma kowane shafi na fayil ɗinka yana ɗauke da ita. Je OggS na biyu, ƙirga bayit 14 daga harafin O, huɗun da suka biyo su ne ita. Biyu daga ciki sun goge a namu, na cike su daga can.

Na adana, sannan na juya shi da ffmpeg, manhajar juya sauti da ake ba umarni a rubuce, don ya buɗu a kowace waya:

```
ffmpeg -i kwafi.opus gyararre.mp3
```

Sallamar gwaggo ce ta fara fitowa. Sai da na dakata kafin na iya ƙarasa sauraro.

Dabarar tana da iyaka. A shafin farko, bayit na 23 zuwa na 26 lambar tantancewa ce da aka lissafa daga shafin gaba ɗaya. Namu ta tsira, shi ya sa da aka mayar da abin da ya goge lissafi ya dace. Idan ita ma ta goge, ffmpeg zai ce CRC mismatch, kuma sai mai iya rubuta ɗan shirin kwamfuta ya sake lissafa ta. Idan fayil na .m4a ne aka ce maka moov atom not found, galibi waya ce ta mutu ana tsakiyar ɗauka, ba a rubuta taswirar sautin ba. Wannan sai ka gwada untrunc, manhajar gyara irin wannan fayil, tare da wani lafiyayyen fayil da aka ɗauka da waya ɗaya da manhaja ɗaya.